Ɗaurin Wayar Mushe Alƙasum

Shekara tara a jere, duk lokacin da aka tara malaman firamare na yankin Tawa a hutun tsakiyar shekara domin a nuna musu yadda ake koyar da lissafi, Malam Alƙasum, ko Mushe Alƙasum kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, shi ne ke tsayawa gaban allo. Malamai na zuwa daga Kalfu, daga Bambeye, har daga ƙauyukan arewacin Adar, su takure kan bencin yara suna rubuta abin da yake yi. Ba a ƙara masa girma a kan wannan, ba a ba shi ko goro. Amma da za a ce ya zaɓi tsakanin wannan tsayuwa da kekensa, sai ya miƙa keken, ya koma gida a ƙasa.

Kuma a faɗi gaskiya, yana da abin nunawa. Ƴan ajinsa suna rera lissafi da Faransanci baki ɗaya, murya ɗaya, ba mai riga wani. In za su cire bakwai daga talatin da biyu, sai su ce bakwai ba ta fita daga biyu, sun ƙara goma a sama, sun riƙe ɗaya a ƙasa, amsa ta fito daidai. Daga ina goman ta zo, kuma me ya sa ake riƙe ɗayar, wannan ba a taɓa tambayar su ba. Shi ma ba a tambaye shi ba lokacin da yake yaro, ga shi kuwa ya zama malami.

Sai aka shiga shekarar da damina ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, dabbobi suka yi ta faɗuwa a hanyar rijiya. Mutanen Takanamat da na gaba da su suka gangaro da abin da ya rage musu, suka kafa bukkoki a bayan gari, inda motocin soja ke sauke hatsin taimako. Ƴaƴansu suka cika lakwal, wato makarantar boko, har aji biyu ya haura yara ɗari da sittin. Darakta Attahir ya ce dole a raba shi. Mushe Alƙasum, da yake shi ne babba, ya riƙe ɗakin siminti, ya kuma tsince ƴaƴan gari waɗanda suka ɗan ji Faransanci, har da ɗiyarsa Huseina. Sauran aka yi musu rumfar zana a gindin bishiyar bedi, aka miƙa su ga sabuwar malamar da aka turo daga Damagaram, Madam Balkisu.

Da farko tausayinta ya ji, irin tausayin da ke yi wa mai shi daɗi. Yarinya ce da ba ta kai talatin ba, ga yara tamanin zaune a rairayi, rabinsu Hausa ma ba ta zauna a bakinsu ba, balle Faransanci. Ya ce mata in ta ga abin ya fi ƙarfinta ta zo ya nuna mata. Ta yi godiya, amma ba ta zo ba.

Abin da ya fara damunsa shiru ne. Lokacin lissafi, ajinsa na girgiza rufin kwano da rera amsa, rumfar Madam kuwa ba ka jin komai sai ƙus-ƙus da ƙarar kara. Ya tambayi darakta, aka ce masa ai tsohon darnin gidan da take haya ta rushe, ta yanka karan gajeru-gajeru kamar alli, ta cika kwali biyu ta kawo. Ta kuma bi masu sayar da lemo a tasha ta tattaro marafan kwalba. Mushe Alƙasum ya yi dariya har da buga cinya, ya ce an turo musu mai shara.

Dariyar ba ta daɗe ba. Huseina ɗiyarsa, shekara takwas, ita ce abin da ke ba shi kunya a ajin. In ya ce a rubuta talatin da biyu, sai ta rubuta talatin ɗinta cikakkiya, uku da sifiri, sannan ta manna biyu a gefe, abin ya zama ɗari uku da biyu. Ya yi faɗa, ya hana ta wasa, ya sa ta rubuta daidai sau hamsin. Ta rubuta sau hamsin, washegari ta koma gidan jiya. Wata la'asar ya dawo gida ya tarar da ita a tsakar gida ta kwance tsintsiyar uwarta, ta yi ƙananan ɗauri da zare, ta ja layi a ƙasa.

“Mi kike yi ma tsintsiyar mutane?” ya ce.

“Baba, dibi,” ta ce, ba ta ma lura da fuskarsa ba. “Wanga ɗaki na ɗauri ne, wanga na guda-guda. Ɗauri ukku ga su nan, guda biyu ga su nan. Ukku da biyu a ka rubutawa, ba a sa sihiri, don sihiri na ɗakin da babu kowa ne.”

Ta sa yatsa ta rubuta talatin da biyu a ƙasa, daidai, kowace lamba ƙarƙashin ɗakinta.

Uba na gari murna zai yi. Mushe Alƙasum ya ji murnar ta taso, sai kishi ya riga ta. Ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce Lalla ce, ƙawarta ta ajin Madam, da hutun ƙarfe goma suke yi a bayan rumfa. Lalla kuwa ƴar Buzaye ce daga Takanamat, ɗaya daga cikin yaran da shi da kansa ya ƙi ɗauka. Wata biyu yana fama da ɗiyarsa a ɗakin siminti, ga yarinyar da ko takalmi ba ta da shi ta gama aikin a lokacin hutu. Ya ce ta ɗaure tsintsiyar yadda ta gan ta, kuma kada ya sake ganin ta a bayan rumfar nan. Matarsa Mariya ta ɗago daga bakin murhu ta dube shi.

Mako biyu bayan haka darakta ya kira su ofis, shi da Madam. Ya ce sufeton makarantu ya aiko: bana zai zo ya ga ajin kowannensu ranar Laraba ta sama, a kan darasin gomomi da ɗaiɗai, sannan ya zaɓi wanda zai tsaya gaban malamai a hutu.

“Ya zaɓa?” Mushe Alƙasum ya ce. “Yaushe anka hwara zaɓe?”

“Labarin karan Madam ne ya kai mashi,” darakta ya ce, yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. “Ni dai saƙo na isar.”

Madam Balkisu ta ce ita ba ta nemi wannan ba, kuma Mushe ya fi ta sanin aiki. Da ta yi shiru ma da ya fi masa sauƙi. Ladabinta ya fi ba shi haushi fiye da komai, domin bai bar masa abin da zai kama ya tsane ta da shi ba, sai dai ya tsane ta haka nan.

Washegari ya ba ƴan ajinsa rubutu, ya fita kamar mai zuwa bayan gida, ya zagaya ya sa ido a wata ɓaraka ta zanar. Babban mutum mai furfura a gemu, yana leƙe kamar ɓarawon kaji. Ya ga yara ƙungiya-ƙungiya a ƙasa, kowace ƙungiya da tulin ɗauri a gabanta. Madam ta rubuta arba'in da shida a allo, suka jera ɗauri huɗu a hagu, kara shida a dama. Ta rubuta sittin, suka jera ɗauri shida, suka bar dama wayam. Daga nan ya ji motsin darakta, ya bar wurin da sauri. Minti biyar ya yi yana kallo, kuma ya tafi da tabbacin cewa ya ga abin duka.

“Ashe wannan ne,” ya ce a ransa. Nuni ne kawai, a nuna wa yaro goma a dunƙule. To in nuni ne, zai nuna musu yadda ake nuni. Nata kara ne mai karyewa, ɗaurin ma da tsumma, wani a kwance wani a sake. Shi zai yi abin da sufeto zai ɗauka ya juya a hannu ya tambayi inda aka samo.

Ya tafi wurin Ciɗo kafinta da tsofaffin akwatunan shayi guda biyu. Ciɗo ya tsaga katakon, ya fere sanduna santala-santala kamar fensir, ya goge su, ya shafa musu shuɗin fenti. Da aka zo ɗauri, Ciɗo ya ɗauko igiya.

“A'a,” Mushe Alƙasum ya ce. “Waya za ka sa. Ka naɗa sau ukku, ka murɗe da awartaki. Yara ne, in ka ba su igiya, kwana ɗaya sun watsa min kaya.”

“To guda-gudan, nawa za a bari?”

“Tara. Guda-guda ba su wuce tara, in sun kai goma sun zama ɗauri. Lissahi ne, ba ka sani ba.”

Ciɗo ya ce shi dai katako ya sani. Ya murɗe ɗauri talatin, kowanne tamau, ko allura ba ta shiga tsakani. Mushe Alƙasum ya kai su aji a cikin akwati mai murfi, ya yi kwana uku yana horar da yara. Ya rubuta lamba, yaro ya fito ya ɗaga ɗauri da sanduna, aji ya rera. Abin ya yi kyau, shi kansa ya san ya yi kyau.

Da ya tsaya nan, da labarin bai yi muni ba. Ranar Talata, jajibirin zuwan sufeto, shi ne ya fita daga lakwal a ƙarshe, bayan la'asar. Yana tura kekensa ya ga zanar da ke rufe ƙofar rumfar Madam ta faɗi, awaki uku sun shiga. Awakin mutanen bayan gari ne, ƙasusuwa a waje, irin waɗanda a shekarar nan takarda ma ba su bari. Ɗaya ta riga ta yaga kwalin, ta ja ɗaurin kara tana taunawa har da tsumman. Tsakaninsa da su bai fi taku ashirin ba, kuma tsawa ɗaya ta isa.

Ya tsaya riƙe da keken. Ya ce a ransa ba shi ya buɗe ƙofar ba, ba shi ya kira awakin ba, kuma wanda ya ajiye abincin dabba a rumfa cikin shekarar fari shi ya jawo wa kansa. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar da bai faɗa wa kansa ba, wato daɗi yake ji, daɗi sosai, har cikin ƙashinsa. Ya tsaya sai da ya ga sun kifar da kwali na biyu, sannan ya hau keke.

Sufeto ya iso ƙarfe takwas ba ko minti, domin zamanin soja ne, ba ma'aikacin da ke wasa da agogo. Dattijo ne siriri mai tabarau, ba ya yawan magana. Ya ce za a fara da rumfa, kuma kowane malami ya zauna ya ga darasin ɗan'uwansa. Mushe Alƙasum ya shiga ya zauna a baya da fuskar jaje. An share wurin, amma ga ɓarɓashin kara nan a rairayi. Abin da ya tsira sai gwangwanin marafan kwalba.

Madam Balkisu ta gaya wa sufeto a taƙaice cewa awaki sun cinye kayan aikinta jiya. Idanunta sun yi ja, ya lura, kuma ya ji daɗin lura ɗin. Sai ta juya ga yara ta ce kowace ƙungiya ta ɗauko tsintsiya ɗaya daga waɗanda suka yi sharar safe da su, a kwance ta. Ta ciro wani tsohon ɗankwali daga jakarta, ta yayyage shi siri-siri ta rarraba. Ta dumtsi tsinke ta zuba gaban kowace ƙungiya, ta tambaye su nawa ne.

Ba wanda ya rera komai. Yara suka duƙa suna ƙirgawa, in sun kai goma ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ɗaure. Sufeto ya tashi daga kujerar da aka ba shi ya tsuguna gaban ƙungiyar Lalla. Sun sami ɗauri huɗu da tsinke bakwai, Lalla ta rubuta arba'in da bakwai a allonta. Madam ta ƙara musu tsinke biyar. Lalla ta zuba su a ɗakin dama, ta ƙirga sha biyu, ta girgiza kai, domin dokar ajin ita ce ɗakin guda-guda ba ya kwana da goma. Ta ware goma ta ɗaure, ta tsallakar da ɗaurin zuwa hagu. Ɗauri biyar, tsinke biyu. Ta goge allo ta rubuta hamsin da biyu.

Daga nan Madam ta sa suka ture tsinken gefe, ta ba su marafan kwalba. Suka ja ɗaki biyu a rairayi. Marfi ɗaya a dama yana nufin tsinke ɗaya, marfi ɗaya a hagu yana nufin ɗauri guda, alhali marfin iri ɗaya ne. Suka sa huɗu da bakwai, suka ƙara biyar a dama, suka kwashe goma suka mayar gwangwani, suka ɗauko ɗaya tak suka aza a hagu. Sufeto ya ɗauki marfi ɗaya daga hagu ya tambayi wani yaro nawa ne wannan. Yaron ya ce goma. Ya matsar da shi dama ya sake tambaya. Yaron ya ce yanzu ɗaya ne. Sufeto ya rubuta wani abu a littafinsa.

Mushe Alƙasum ya gyara zama. Ya gane awakin ba su rage ta da komai ba, ƙila ma sun taimake ta. Amma ya ƙarfafa zuciyarsa da cewa wannan wasan ƙasa ne, kuma bari a ga kayan aiki na gaske.

A ɗakin siminti ya buɗe akwatinsa a hankali don kowa ya gani. Sufeto kuwa ya ɗauki ɗauri ɗaya ya juya shi a hannu, kamar yadda aka yi fata, ya taɓa wayar da ɗan yatsa, ya mayar. Darasi ya tafi sumul. Lamba bayan lamba, yaro ya fito ya ɗaga, aji ya rera. Don ya rufe da abin da ya fi ƙarfi, Mushe Alƙasum ya rubuta talatin da biyu, ya kira Huseina. Ta ɗauki ɗauri uku da sanda biyu, ta jera su kan tebur, ɗauri a hagu, sanduna a dama.

“Madalla,” sufeto ya ce daga inda yake zaune. “Yarinya, ga maƙwabciyarki can. Ba ta sanda bakwai daga cikin naki.”

Huseina ta miƙa biyun. Ta tsaya tana kallon ɗaurin.

Mushe Alƙasum ya yi wuf ya kwaso guda-gudan da suka rage a akwati zai ƙara mata. Sufeto ya ɗaga hannu ya ce in an ƙara mata, ba talatin da biyu ne a gabanta ba kuma. Ya ce in dai canji za a yi, a karɓi ɗauri ɗaya a ba ta sanda goma a warwatse. Mushe Alƙasum ya dubi hannunsa. Bakwai ne, domin tara ya sa aka bari. Ya juya ga aji ya ba da alama, aji ya ɗauka baki ɗaya cewa bakwai ba ta fita daga biyu, an ƙara goma a sama, an riƙe ɗaya a ƙasa. Suka kai ƙarshe suka ce ashirin da biyar.

“Amsar daidai ce,” sufeto ya ce. “Amma maƙwabciyar har yanzu biyu ta samu.”

“Mushe,” Huseina ta ce a hankali, “kwancewa a ka yi. A kwance ɗauri guda.”

Sai a lokacin ya ga abin da bai tsaya ya gani ba ta ɓarakar zana. An ɗaure goma ne don a iya kwance ta. Goman da yaransa ke cewa sun ƙara, ba tare da sanin daga ina ba, ga ta nan kwance a kan tebur cikin ɗaurin, kuma shi ya sa aka murɗe ta da awartaki.

Huseina ta ɗauki ɗauri ɗaya ta sa farce a wayar. Ta ƙi. Ta gwada zare sanda ɗaya ta ƙasa, ta ƙi motsi. Ta dubi ubanta, ta ga fuskarsa, kuma ita ta san fuskar nan. So take ta fitar da shi kunya. Kafin kowa ya ankara ta kai ɗaurin baki ta kama murɗin wayar da haƙori ta ja. Bakin wayar ya tsage mata leɓe, jini ya zubo kan shuɗin fenti, ya ɗiga a rigarta.

“Baba, ta ƙi kwantuwa,” ta ce, ta manta a aji take. Ba ciwon take yi wa kuka ba.

Madam Balkisu ce ta riga kowa isa. Ta karɓe ɗaurin, ta danna ragowar ɗankwalin nan a leɓen yarinyar, ta fita da ita wajen randa. Mushe Alƙasum ya tsaya da sanda bakwai a hannu gaban yara tamanin da sufeto da darakta. Sufeto ya rufe littafinsa ya gode masa da ladabi, kuma ba wanda ya buƙaci a faɗi wanda aka zaɓa.

A gida Mariya ta wanke rigar, ta shanya ta a igiyar da ke daidai ƙofar ɗakinsa, tabon bai gama fita ba. Sai da ya gama cin tuwo sannan ta ce, “Tsintsiyata dai ba ta taɓa yanka kowa ba.” Ta kwashe kwanon.

Ranar Juma'a da hutun ƙarfe goma yana zaune a ƙofar ajinsa da awartakin Ciɗo yana tsinke wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sai ga Madam Balkisu. Ta gaishe shi, ta tambayi leɓen Huseina. Sannan ta ce alfarma ta zo nema. Tsinken tsintsiya ya yi siriri, malaman da za su zauna a baya ba za su gani ba. Ko zai ara mata sandunansa ranar taron?

Ya dube ta yana neman izgili a fuskarta, bai samu ba.

“Sun fi nawa kyau nesa,” ta ce. “Kuma akuya ba ta cin katako.” Sai ta ƙara da cewa, “Uwar Lalla ta zo ba ni haƙuri, awakinsu ne. Ta ce da ta biyo sawunsu ta hango wani mai keke tsaye yana kallo. Ni ban tambaye ta kamanninsa ba, Mushe.”

Keke ɗaya ne a lakwal ɗin, kuma yana jingine a bango tsakaninsu. Mushe Alƙasum ya ci gaba da tsinke waya. Ya ce ta aiko a ɗauki akwatin in ya gama cire wayar. Ta yi godiya ta tafi, ya bi ta da kallo yana jin kunya da haushi sun cakuɗe, ya rasa wanne ya fi yawa.

Ranar taron ya so ya ce ba shi da lafiya, amma ya san abin da za a faɗa in ba a gan shi ba. Ya je ya takure kan bencin yara a layin ƙarshe, gwiwarsa na gugar tebur. Malaman Kalfu da Bambeye da suka shekara tara suna kwafar darasinsa suka gaishe shi da girmamawa, suka juya gaba. Madam Balkisu ta tsaya inda yake tsayawa, da shuɗɗan sandunansa a hannunta. Wani malami ya tambayi inda aka samo su, ta ce Mushe Alƙasum ne ya sa aka yi, kowa ya waiwayo ya jinjina masa. Da zagi aka yi masa da ya fi jin sauƙi.

Can ta ce malamai ma su gwada da hannunsu. Aka rarraba ɗauri, kowane benci uku da sanda biyu, a cire bakwai. Ta ce ƴan makaranta ne suka zo da kansu jiya suka ɗaure su. Mushe Alƙasum ya ɗauki nasa, wani ɗan fata ya motsa a ransa. Yara ne suka ɗaure, kuma yara suna kuskure. In ya sami ɗauri mai tara ko mai sha ɗaya, zai ɗaga hannu a hankali, cikin ladabi, ya nuna wa taro.

Ya ja bakin tsumman, ɗaurin ya kwance da ja ɗaya. Ya ƙirga, goma. Ya kwance na biyu, wanda ba a ce a kwance ba, goma. Malamin da ke kusa da shi ya ce, “Mushe, guda a ka kwancewa.” Bai kula shi ba, ya jawo na uku.

Yana kama tsumman ya tsaya. Yadi ne mai ɗigon rawaya, ya san shi, domin kwanaki ya yi yana wucewa ƙarƙashinsa a igiyar ƙofar ɗakinsa, ga ma ɗan tabon da bai fita ba a gefe. Ya hana Huseina zuwa bayan rumfa, ita kuwa ta yaga rigarta ta je ta ɗaure sandunan ubanta da abin da ba zai yanki kowa ba. Ta yi ɗaurin zarge, sako-sako, yadda ƙaramin yaro ma zai iya ja.

A gaba Madam Balkisu tana tambaya nawa ya rage, malamai suna amsawa ashirin da biyar. Mushe Alƙasum bai kwance na ukun ba. Ya ƙirga kan sandunan da babban yatsa a ƙarƙashin tebur, har sau biyu, goma ne cif.